Yadda Ake Auna Girmamawa a Takardar Neman Hutu Zuwa ga Babban Shugaba Mai Shekaru

Ma'aikacin da zai nemi hutu daga shugaban da ya girme shi da shekara talatin, kuma ya fi shi muƙami da matakai uku ko huɗu, yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya rubuta saƙo tsirara kamar wanda yake tura wa abokin zamansa na ofis, ko kuma ya cika takardar da gaisuwa da addu'a da ban haƙuri har mai karatu ya kai ƙarshe bai san kwana nawa ake nema ba. Rami na biyu ya fi cin mutane masu tarbiyya, domin suna ganin duk ladabin da suka ƙara alheri ne. A nawa ganin, girmamawa tana da wuraren zamanta a cikin takarda, wato kiran da aka buɗe da shi, da yadda ake ambaton shugaban, da kalmar da aka yi roƙon da ita. Sauran takardar kuwa aiki ne, kuma aiki yana son a faɗe shi a fili. Abin da ke tafe hanya ce ta sanya kowane abu a mazauninsa.

Mataki na farko: raba shekarunsa da muƙaminsa

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka lura cewa mutumin da za ka rubuta wa yana da girma iri biyu, kuma ba su neman abu ɗaya daga gare ka. Shekarunsa suna neman taushin harshe, kada ka yi masa magana kamar kana ba shi umarni ko kana sanar da shi abin da ka riga ka yanke. Muƙaminsa kuwa yana neman taƙaitawa da cikakken bayani, domin a kan teburinsa akwai takardu da yawa, kuma wannan taka yana son ya karanta ta cikin minti ɗaya ya sa hannu ko ya mayar da ita. Idan ka biya haƙƙin shekaru kaɗai, za ka rubuta wasiƙar ɗa zuwa ga uba, wadda ba ta dace da fayil ba. Idan ka biya haƙƙin muƙami kaɗai, za ka rubuta takarda busasshiya wadda dattijo zai karanta ya ji kamar an yi masa tsaye a ka.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke warware yawancin shakku. Takardar neman hutu ba ta tsayawa a hannun shugaba; tana wucewa zuwa sashen kula da ma'aikata, a ajiye ta a fayil ɗinka, wataƙila wani da bai san ku ba ya buɗe ta bayan shekara biyu. Duk kalmar da za ka ji nauyi idan wannan baƙon ya karanta ta, ko don ta yi wasa da yawa ko don ta yi fadanci da yawa, ba ta da wuri a cikin takardar.

Mataki na biyu: san irin hutun da kake nema

Nauyin roƙonka ya danganta da abin da kake roƙo. Hutun shekara haƙƙi ne a yawancin dokokin aiki da yarjejeniyoyin ɗaukar ma'aikata. Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1970, ta sanya mafi ƙarancinsa mako uku na aiki a shekara ga ƙasashen da suka rattaba mata hannu, amma ita kanta ta bar zaɓen lokacin tafiya a hannun mai ba da aiki bayan ya tuntuɓi ma'aikacin, sai dai in wata doka ko yarjejeniya ta tsara akasin haka. Wannan rabon yana nuna maka harshen da ya dace. Ba ka roƙon a ba ka hutun kamar sadaka, domin naka ne; abin da kake nema shi ne amincewa da ranakun da ka zaɓa. Saboda haka kalmar da ta dace ita ce «ina neman amincewa» ko «ina neman izini», ba «ina roƙon a taimaka mini» ba, kuma ba «ina sanar da kai zan tafi» ba.

Idan kuwa abin da kake nema alfarma ce, kamar kwana biyu bayan ka riga ka cinye hutunka na shekara, ko tafiya a lokacin da sashenku ya fi cunkoson aiki, to nan «ina roƙon alfarma» ta yi daidai, kuma ya kamata ka nuna a jimla ɗaya cewa ka san abin da ka nema ya wuce ƙa'ida. Rashin lafiya da rasuwa kuma nasu daban ne: a nan sanarwa ce cikin ladabi, domin ba wanda yake neman izinin kwanciya a asibiti. Mutane da yawa suna amfani da harshen alfarma wajen neman haƙƙinsu, sai shugaba ya ɗauka akwai wata matsala a ɓoye, ya fara tambayar abin da ba a nufa ba.

Mataki na uku: zaɓen kira, wanda shi ne inda aka fi yin kuskure

A saman takarda ana rubuta muƙamin, ba sunan kawai ba: Daraktan Sashen Kuɗi, ko Babban Manaja, gwargwadon yadda ma'aikatar take rubuta shi a takardunta. Idan akwai shugaba na kusa tsakaninka da shi, takardar ta bi ta hannunsa, a kuma rubuta hakan a ƙarƙashin muƙamin. Tsallake shugaban kusa rashin ladabi ne da babu kalmar girmamawar da za ta gyara shi, kuma tsofaffin shugabanni sun fi kowa lura da wannan, domin a cikin wannan tsari suka yi rayuwar aikinsu.

Bayan muƙami sai kira. «Yallaɓai» da «Ranka ya daɗe», ko «Ranki ya daɗe» idan mace ce, su ne suka fi zama lafiya a rubuce, domin suna ɗauke da girman muƙami da na shekaru a lokaci guda, kuma ba su nuna wata kusanci da ba a ba ka ba. Idan shugaban yana da laƙabin da ya samu ta karatu ko ta sana'a, kamar Dakta ko Farfesa ko Injiniya, kuma yana sa shi a ƙarƙashin sa hannunsa, to ka yi amfani da shi yadda ya rubuta. Hanya mafi inganci ta sanin abin da yake so ita ce ka duba takardun da shi kansa ya fitar, da kuma yadda waɗanda suka daɗe a ƙarƙashinsa suke rubuta masa. Abin da suke kiransa da baki a lokacin shan iska ba shi ne ma'auni ba.

Nan ne batun «Baba» da «Mama» yake shigowa. Mai yiwuwa dukan ofishin haka suke kiransa, kuma yana amsawa da fara'a, domin a baki wannan girmamawa ce ta gaske. Amma a takardar neman hutu, kiran dangantaka yana sauya ma'anar roƙon: yana mayar da shi kamar kana so a duba ka da idon ɗa, ba da idon ƙa'ida ba. Idan ya amince, wani abokin aiki da aka hana zai iya cewa don kusanci aka ba ka. Idan ya ƙi, kun shiga jin nauyin juna. Ka bar «Baba» ga gaisuwar baki idan kun haɗu, ka rubuta «Yallaɓai» a takarda. «Oga» ma ta baki ce, kuma ga dattijo tana iya zama kamar raini. A ɗaya gefen kuma akwai kirarin da ya fi ƙarfin wurin, irin su «Allah ya ja zamaninka», wanda na fada ne. Idan ka kawo shi kan hutun kwana biyar, mai karatu zai ji kamar ana yi masa ba'a ko ana neman saye shi da baki.

Sai wakilin suna, wanda ƙaramin abu ne amma yana ratsa kowace jimla. Hanyoyi uku ne. Za ka iya cewa «ka» ko «ki» bayan ka riga ka buɗe da kiran girmamawa, kuma wannan ba laifi ba ne a Hausa, domin «Ranka ya daɗe» kanta da «ka» aka gina ta. Za ka iya cewa «ku», wanda wasu suke yi wa manya don ladabi, sai dai ba kowa ya saba da shi ba, kuma a ofis yana da wata illa: «ina neman amincewarku» tana iya nufin hukumar gudanarwa baki ɗaya, sai shugaban ya ɗauka ba shi kaɗai kake jira ba. Hanya ta uku ita ce ka ambace shi kamar ba shi kake fuskanta ba, ka ce «ina neman Yallaɓai ya amince», kuma ita ce mafi nauyi a cikin ukun. Ga shugaban da ya girme ka sosai kuma ba ku saba ba, ni na fi son ta ukun a jimlar roƙo kaɗai, sauran jimlolin kuma a gina su yadda ba sa buƙatar ambatonsa. Abin da ba ya kyau shi ne gauraya: a fara da «ku», a koma «ka» a tsakiya, a ƙare da «Yallaɓai ya». Wannan yana nuna mai rubutu bai san matsayinsa ba. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta har ƙasa.

Mataki na huɗu: gaisuwa layi ɗaya, sannan buƙata

A takardar da za a buga a sa hannu, kan magana yana zuwa bayan kira, kuma ya ƙunshi irin hutun da yawan kwanakin. Gaisuwa jimla ɗaya ta isa. Tambayar lafiyar iyali da gajiyar aiki ɗaya bayan ɗaya abu ne mai kyau idan ka shiga ofishinsa da ƙafarka, amma a rubuce yana tura buƙatar zuwa ƙasan shafi. Jimla ta biyu dole ta ƙunshi abu huɗu: irin hutun, yawan ranakun aiki, ranar farawa, da ranar da za ka dawo bakin aiki. Ka rubuta ranar mako tare da kwanan wata, kuma ka bambanta ranar ƙarshe ta hutu da ranar dawowa, domin a nan ake yawan samun saɓani.

Dalili kuwa, a hutun shekara ba dole ba ne, kuma idan ka so, rabin jimla ya wadatar. Akwai masu ganin cewa ladabi ga babba shi ne a zayyana masa komai na gida. Hakan yana ɗora masa nauyin auna ko dalilinka ya isa, alhali ba a kan dalili haƙƙin ya tsaya ba, sannan sirrinka ya shiga fayil. Abin da dattijon shugaba yake ɗauka a matsayin girmamawa ta haƙiƙa shi ne ka nuna ka yi tunanin aikin da za ka bari: wa zai riƙe shi, ya amince ko bai amince ba, me za ka kammala kafin ka tafi.

Misali guda, daga farko zuwa ƙarshe

Ɗauki wata ma'aikaciya a sashen kuɗi, shekararta uku a wurin, tana so ta ɗauki kwana biyar daga hutunta na shekara, daga Litinin 9 ga wata zuwa Juma'a 13. Daraktan sashen ya kusa ritaya, ya girme ta da kusan shekara talatin, kuma sau biyu kawai suka taɓa magana ta minti biyar. Rubutunta na farko, wanda ta yi a waya, ya fito haka:

«Barka da aiki Oga. Zan tafi hutu sati mai zuwa, in sha Allahu zan dawo bayan kwana biyar. Na gode.»

Babu zagi a ciki, amma kurakuransa uku ne. «Zan tafi» sanarwa ce, ta riga ta yanke hukuncin da shi ne nasa. «Sati mai zuwa» ba kwanan wata ba ne, kuma idan ya karanta saƙon bayan kwana uku ma'anarsa ta sauya. Sannan babu ko kalma a kan aikin da za ta bari. Da wata abokiyar aikinta ta nuna mata cewa saƙon ya yi gajarta ga dattijo, sai ta koma ɗaya gefen:

«Ranka ya daɗe, Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ina mai matuƙar ba da haƙuri bisa damun ka da na yi duk da na san ayyuka sun yi maka yawa. Don Allah, idan babu damuwa, kuma idan ka ga ya dace, ina roƙon a taimaka mini da ɗan lokaci kaɗan saboda wasu matsaloli na gida da suka taso, amma idan ba zai yiwu ba babu komai.»

Wannan ya fi na farko haɗari, ko da yake ya fi shi daɗin ji. Babu adadin kwanaki, babu ranar farawa, ba a ma ambaci hutun shekara ba, don haka daraktan zai iya ɗauka alfarma ake nema. Ban haƙurin da aka yi tun kafin a yi laifi yana sa buƙatar ta zama kamar abin kunya. Mafi muni shi ne jimlar ƙarshe, wadda ta buɗe masa ƙofar ƙi ba tare da ya nemi dalili ba. Shugaban da aiki ya yi wa yawa zai ɗauki «babu komai» a kan ma'anarta. Alamar da za ka gane ka faɗa wannan ramin ita ce amsar da za ta dawo: idan shugaba ya mayar da tambaya yana cewa kwana nawa, ko daga yaushe, to ladabin ya cinye saƙon.

Ga yadda ta daidaita shi a karo na uku, bayan ta fara magana da shugabanta na kusa, kuma takardar ta bi ta hannunsa:

«Ranka ya daɗe,

Neman amincewa da hutun shekara na kwana biyar

Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ina neman Yallaɓai ya amince mini da hutun kwana biyar na aiki daga cikin hutuna na shekara, daga Litinin 9 ga wata zuwa Juma'a 13, in dawo bakin aiki ranar Litinin 16. Na zaɓi wannan mako ne domin ya faɗo bayan rufe lissafin watan jiya, kuma zan miƙa rahoton da ke hannuna kafin ranar Juma'a 6. Abokiyar aikina da muke tebur ɗaya ta amince ta riƙe biyan kuɗaɗen yau da kullum a tsawon kwanakin, kuma shugaban ɓangarenmu ya san da wannan shiri. Idan ranakun sun ci karo da wata buƙata ta sashe, a shirye nake in matsar da su zuwa makon da ke biye.

Na gode, ranka ya daɗe.»

A ƙasa ta sa cikakken sunanta da muƙaminta da ɓangarenta, domin kada ta ɗauka cewa darakta mai mutane da yawa a ƙarƙashinsa zai gane ta da sunan farko kaɗai. Idan ka ƙirga, kalmomin girmamawa a wannan takarda ba su wuce wuri huɗu ba: kira, gaisuwa, jimlar roƙo, da rufewa. Duk da haka babu dattijon da zai karanta ta ya ji an rage masa daraja. Ka kuma lura da bambancin jimlarta ta ƙarshe da ta rubutu na biyu. A can ta janye buƙatar gaba ɗaya; a nan ta bar masa ikon sauya lokaci, wanda daman nasa ne, ta kuma ba shi zaɓi takamaimai, amma hutun yana nan. Idan ranakun ba za su matsu ba, to kada ka rubuta wannan jimla don kawai ta yi kyau, domin zai iya karɓar tayin. Gara ka faɗi cikin rabin jimla cewa uzurin yana da ranar da ba ta ɗaguwa.

Mataki na biyar: daidaita da hanyar aikawa

Imel yana ɗaukar wannan tsari kusan yadda yake, sai dai kan maganar ya koma gurbin take. Saƙon waya kuwa bai kamata ya zama shi ne takardar neman hutu ga irin wannan shugaba ba, sai in larura ce ta dare ɗaya. A irin wannan hali ka buɗe da kira, ka faɗi sunanka da ɓangarenka, ka faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya, ka ce takarda za ta biyo baya, kuma ka guji gajarta kalmomi, da 'yan hotunan fuska, da saƙon murya, wanda yake tilasta masa ya tsaya ya saurare ka a lokacin da bai zaɓa ba. Idan ma'aikatarku tana da fom ko manhajar neman hutu, ka cike ta, sannan gajeren saƙo na ladabi ya raka ta. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Idan kuma da wani harshe ake rubutu a wurin aikinku, kada ka juya «ranka ya daɗe» kalma da kalma zuwa cikinsa, ka nemi kiran da masu wannan harshen suke yi wa babba a takardar aiki.

Lokacin aikawa ma yana cikin ladabi. Ka duba wa'adin sanarwa da dokar ma'aikatarku ta tsara, ka ƙara wasu kwanaki a kai, domin takardar da ta iso ana gobe tafiya tana gaya wa shugaba cewa sa hannunsa cika ƙa'ida ne kawai, komai taushin kalmomin da ke cikinta.

Idan ya yi shiru, ko ya amsa da wasa

Shiru ba amincewa ba ne, kuma tafiya a kan shiru tana iya zama rashin zuwa aiki ba da izini ba a rubuce. Bayan kwana uku ko huɗu na aiki, ka fara tambayar sakatarensa ko shugabanka na kusa ko takardar ta isa teburinsa. Idan sai ka tuna masa da kanka, kada ka ce «ban ji amsa ba» ko «har yanzu ina jira», domin duka biyun suna ɗora masa laifi. Ka ce: «Ranka ya daɗe, ina tuni ne cikin ladabi game da takardar neman hutuna ta ranar 9 zuwa 13 ga wata, domin in samu damar kammala miƙa aiki a kan lokaci.» Ka maimaita ranakun a cikin tunin, don kada ya koma neman takardar farko.

Wani lokaci kuma dattijon shugaba yakan amsa da sakin jiki, ya ce «'yata, Allah ya kiyaye hanya», ko ya yi ɗan barkwanci. Wannan kyauta ce daga sama zuwa ƙasa, kuma ba ta nufin an ba ka izinin mayar da irinta. Za ka iya sassauta kaɗan, ka bar ambatonsa da «Yallaɓai ya» ka koma «ka», ka rage tsawon jimla, amma kiran girmamawa ya zauna, kuma takardar hutu ta gaba ta koma kan tsarinta na farko. Idan amincewar da baki ya ba da ita a kan hanya, ka bi ta da layi biyu a rubuce a ranar: «Ranka ya daɗe, na gode da amincewar da ka yi mini yau game da hutun ranar 9 zuwa 13. Zan dawo bakin aiki ranar Litinin 16, in sha Allahu.» Ka tura kwafinsa ga shugabanka na kusa da sashen kula da ma'aikata kafin ka tashi daga aiki a ranar.